Labarin Fergus a Hannun Noelene

Manyan garin Korrabin har yanzu Almakashi suke kiran Noelene Farrugia, ita kuma tana amsawa. Sunan ya manne mata ne tun a gidan jaridar garin, inda ta shiga tana 'yar shekara goma sha bakwai, lokacin da ake yanka rubutu da hannu a liƙa shi a kan allo kafin a kai wa inji. Ubanta mutumin Malta ne, ma'aikacin layin dogo, ya so ta zama nas. Ta ce masa ba ta iya ganin jini. Ya ce to ta je ta ga tawada.

A nan ta tsufa. Mai ɗauko rahoto zai kawo kalma dubu, edita ya auna gurbin da ya rage da ɗan yatsa ya ce ɗari uku kawai za su shiga, sai a tura wa Noelene. Labarin yau da kullum ba ya ba ta wahala, domin masu rubuta shi suna sa muhimmin abu a sama, sai ta riƙa datsewa daga ƙasa har ya zauna. Dogon labari ne mai aiki. Shi ba a datse shi daga wutsiya. Sai mutum ya san gaɓoɓinsa kamar yadda mahauci ya san na rago, in ba haka ba ya fasa ƙashi ya ɓata nama.

Da jaridar ta rufe, ta yi wata biyu a gida tana takura wa mijinta Ron, tsohon direban motar 'yan makaranta, wanda ba shi da abin da ya dame shi a duniya sai tumatirinsa. Shi ne ya gano mata aikin. Wata ƙaramar ƙungiya mai wayar da kan manoma a kan haɗurran gona tana neman wanda zai riƙa kula mata da abin da take fitarwa, kwana uku a mako. Ron ya ajiye mata tallar kusa da kofin shayinta.

"Je ki yanka nasu," in ji shi, "kafin ki gama da reshen tumatirina."

Ofishin ƙungiyar yana birnin Bendigo, amma ita aka ba ta wani ɗaki a bayan ɗakin karatu na garin, mai taga ɗaya da fanka. Ta koyi sababbin kayan aikin a hankali, tana mita. Ba ta daɗe ba ta gane cewa aikin nata ne na da, gurabun ne kawai suka canza. Abu ɗaya za a rubuta mai tsawo, sai ta fitar da 'ya'ya daga cikinsa: wasiƙar labarai da ake aika wa mutane ta imel, gajerun saƙonni na shafukan sada zumunta, da rubutun da za a bi a haɗa bidiyo. Kowanne da halinsa. Mai buɗe wasiƙa ya riga ya san ku, zai ba ku minti biyu. Mai zazzaga waya bai san ku ba, kuma babban yatsansa yana kan hanya.

A watan Nuwamba na shekararta ta uku a wurin, zafi ya fara kamar yadda yake yi a ƙasarsu a wannan watan, hutun makaranta ya ƙarato, sai Gavin Tran, shugaban ofishin, ya kira ta a waya. Ɗan shekara arba'in ne ko ƙasa da haka, mai saurin magana, ya haifi 'yan mata biyu.

"Anti Almakashi, kin wasa kayan aikinki?"

"Kullum a wase suke. Wa zan yanka?"

Muryarsa ta sauka. "Labarin 'yan Heffernan ne. Wanda ya fito a mujallarmu ta shekara. Muna so ya kai ga kowa kafin yara su koma gida hutu."

Ba ta buƙaci bayani ba. Duk Korrabin sun san Lachie da Bronwen Heffernan, masu shanun madara a hanyar kogi. Rani biyu da suka wuce, da yamma lokacin tatsa, ɗansu Fergus mai shekara uku ya bi kare zuwa tafkin gonar. Noelene ta je jana'izar, ta tsaya a baya. Daga baya ƙungiyar ta ɗauko wata 'yar jarida daga birnin Melbourne, ta zauna da iyayen, ta rubuta labarin da yardarsu. Kalma dubu huɗu ne, aka buga shi a takarda aka raba wa membobi. Bai taɓa hawa intanet ba.

"Za mu ɗora shi a shafinmu," in ji Gavin. "Ki fitar mana da wasiƙa, da gajeru shida, da bidiyo na minti ɗaya da rabi. Mu sa su a na'urar tsara lokaci su riƙa juyawa har ƙarshen Fabrairu, mu ɗan biya a tura su ga iyaye a duk yankin. Hoton nan da yake sanye da takalman roba ruwan ɗorawa, da shi za mu buɗe komai."

"Iyayen sun sani?"

"Sun sa hannu tun farko, har da intanet da bidiyo. Bronwen da bakinta ta ce idan zai hana wani gida shiga abin da suka shiga, a kai shi ko'ina."

Noelene ta buga labarin a takarda kamar yadda ta saba, ta kai gida, ta baje shi a teburin kicin. Fensir uku take amfani da su. Ja na abin da dole mai karatu ya tafi da shi, shuɗi na maganganun mutane da za su iya tsayawa su kaɗai, kore na abin da ido zai iya gani. Jan bai yi yawa ba. Ba kowane tafki ake iya killacewa ba, shanu suna sha a ciki, don haka yaron ake killacewa: a yi masa filin wasa mai shinge a jikin gida, da ƙofar da ke rufe kanta, sakata can sama inda hannunsa ba ya kaiwa. A san wane babba ne idonsa ke kan yaro, musamman lokacin da aiki ya kacame. A koyi yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Yaro yana nutsewa ba tare da kuka ba.

Wasiƙar ta zo da sauƙi, kalma ɗari uku da mahaɗin da za a danna a je cikakken labarin. Gajerun kowanne ya ɗauki tunani ɗaya da hoto ɗaya. Rubutun bidiyon ta raba shi gida biyu, abin da za a gani a hagu, abin da za a ji a dama, ta karanta shi a fili tana kallon agogon murhu. Minti ɗaya da rabi ba ya ɗaukar fiye da kalma ɗari biyu idan ba a so mai magana ya yi haki. Ta tuna ta sa a rubuta maganar a ƙasan hoton, tunda yawancin mutane a rufe suke barin sautin waya. A layin farko na hagu ta rubuta: fuskar Fergus, takalman roba.

Aikin ya yi kyau, ta san ya yi. Ta aika wa Gavin, ya amsa da cewa bai ga abin gyarawa ba.

Washegari ta shiga gidan burodi sayen abin rana, sai ga Bronwen a gabanta a layi. Doguwar mace ce, siririya, wuyanta ya ƙone da rana, tana sanye da rigar aiki. Ba ta ga Noelene ba. Hannu ɗaya yana riƙe da makullin mota, ɗayan yana kan waya, babban yatsa yana tura abubuwa sama. Noelene ba ta yi niyyar leƙe ba, amma wayar tana daidai idonta. Tallar takin zamani. Karen wani. Bikin wata. Sakamakon ƙwallon 'yan mata. Bronwen ta ɗan murmusa a kan karen, ta wuce. Mai burodi ta kira ta, ta ɗaga kai ta ce a ba ta biyu yankakku.

Nan da mako biyu, a wannan layin, tsakanin takin zamani da karen wani, abin da Noelene ta tsara zai taso a ƙarƙashin wannan yatsan. Bidiyon zai fara da kansa, ba ya jiran a taɓa shi. Zai sake zuwa mata a gidan mai, a ɗakin jiran likita, a kan gado da safe, har ƙarshen Fabrairu. Kuma iyayen yankin da za a biya a tura musu, Bronwen tana cikinsu, domin akwai Maeve, yayar Fergus, 'yar aji biyu.

Noelene ta fita ba ta sayi komai ba, ta kira Gavin a waya.

"Gavin, dakatar da na'urar nan."

"Me ya faru? Kin ga kuskure?"

Ta faɗa masa. Ya saurara har ta gama, abin da ba halinsa ba ne.

"Na ji ki, Anti," in ji shi. "Amma bari in faɗa miki abin da na sani. Bara mun saka hoton shinge da shawarwari guda biyar. Kin san su wa suka tsaya a kai? Ni, da ke, da wani mai sayar da waya ta shinge. Mutane fuska suke tsayawa su kalla. Ba don ina jin daɗi nake so a sa shi ba. Akwai gidan da yanzu haka tafki yana bayansa kuma ba shinge, kuma uban gidan ba zai karanta kalma dubu huɗu ba ko da an ɗaure shi."

"Na sani."

"Kuma ta yarda."

"Ta yarda da labari a mujalla. Ban san ko ta yarda ta ci karo da shi wajen sayen burodi ba. Ban jin an tambaye ta haka."

Ya ja numfashi. "Kin san ke ce kike sa ni furfura? To. Ki je ki gan ta. Amma ranar Litinin ta sama dole wani abu ya fita, ko da hoton Ron ne da tumatirinsa."

A ƙarshen makon ta sake zama a teburin kicin, ta yi abin da ta fi iyawa. Ta cire hoton daga ko'ina. Ta cire sunan. Inda aka ce Fergus ta sa wani yaro ɗan shekara uku, inda aka ce Korrabin ta sa wata gona a arewacin jihar. Ta karanta, ta ga babu abin da zai soki kowa. Ranar Lahadi ta gasa pastizzi, wasu ƙananan burodi irin na uwarta, masu cuku a ciki, ta rufe su da tawul.

Ta isa gonar da hantsi, bayan an gama tatsar safe. Abin da ta fara gani shi ne shingen. Ya zagaye gefen gidan, sabo, kore, da lilo a ciki wanda ya yi wa Maeve ƙanƙanta. Sai da ta miƙa hannu sama ta ɗaga sakatar, ƙofar ta rufe kanta a bayanta. Lachie ya fito daga rumfar shanu yana goge hannu, ƙato ne mai ƙarancin magana.

"Anti Noelene. Idan wannan tawul ɗin abin da nake zato ne a ƙarƙashinsa, kin samu shiga."

"Ba naka ba ne, na matar gida ne. Kai ka ci ciyawa."

Ya ɗauki biyu ya koma bakin ƙofa ya tsaya, bai zauna ba. Bronwen ta dafa shayi. Noelene ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗa mata abin da aka shirya, da yadda waɗannan abubuwa suke tafiya, da cewa ta tsaya a bayanta a gidan burodi. Bronwen tana jujjuya kofi a hannu.

"Ban yi tunanin haka ba," ta ce daga baya. "Da suka ce intanet, na ɗauka wani wuri ne da mutum zai je ya duba." Ta nuna da haɓa wajen kabad ɗin da ke jikin bango. "Mujallar tana cikin aljihun can, na ƙasa. Na san inda take. Wani lokacin ina wucewa in taɓa hannun aljihun kawai. Idan na ga ranar zan iya, sai in jira Maeve ta tafi makaranta, in zauna, in buɗe. Ni nake zuwa wajensa, Anti. Sau ɗaya wayata ta jefo mini hotonsa da kanta, wai tunawa da bara. Ina cikin tuƙi da madara a baya. Sai da na tsaya a bakin hanya har wani ya ƙwanƙwasa gilashi."

"Shi ya sa na zo, 'yar nan. Na gyara. Duba ki gani."

Ta miƙa mata sababbin takardun. Bronwen ta karanta wasiƙar, ta karanta gajerun ɗaya bayan ɗaya, ta karanta rubutun bidiyon hagu da dama. Ta koma farko ta sake bi da yatsa, kamar mai neman abu. Da ta ajiye, fuskarta ta canza.

"Ina yake?"

"Na cire shi ne don kada..."

"Wani yaro ɗan shekara uku." Ba ta ɗaga murya ba. "Matar nan ta Melbourne ta zauna a kujerar da kike kai kwana da kwanaki. Na faɗa mata yadda yake gaishe da shanu da sunansu kowace safiya, yana tsallake wadda suka ɓata da ita. Na faɗa mata yana sa takalmin hagu a dama da gangan, wai ya fi gudu. Ta rubuta duka. Shi ya sa na yarda. A nan ba abin da ya yi sai mutuwa."

Noelene ta kalli takardun. Gaskiya ne. Fensirinta ja ya bi labarin ya tsince abin da zai amfani mai karatu, kuma tun a zagayen farko, mai hoton, shanun da takalmin juye ba su shiga ba. Babu gurbinsu.

"A garin nan," Bronwen ta ci gaba, "mutane sun daina faɗin sunansa. Suna tsoron kada in yi kuka. Sai su ce abin da ya faru, ko rashin da kuka yi. Kamar ban san sunan ba sai sun tuna mini. Maeve kaɗai ke faɗa, kullum, kamar yana ɗaki na gaba." Ta tura kofin gefe. "Ban san me nake so ba, Anti. Ba na so ya faɗo mini a wajen burodi. Kuma ba na so a fitar da shi."

Lachie ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Dukansu kike so. Faɗa mata haka."

"To, dukansu."

Noelene ta ciro fensir daga jaka, ta juya bayan takarda. Ta yi musu bayani kamar yadda za ta yi wa sabon ma'aikaci. Abubuwan nan uku ba iri ɗaya ba ne. Wasiƙa tana zaune a akwati a rufe sai an buɗe ta, kuma taken da ke kanta yana iya faɗin abin da ke ciki. A nan za a iya sa shi duka, suna da hoto da shanun. Gajerun su ne masu faɗo wa mutum, don haka su ba fuska. Bidiyon kuwa yana tsakani, yana farawa da kansa, amma abin da ya fara nunawa a hannunsu yake.

"A gajerun, sunan fa?" Noelene ta tambaya. "Idan kika ci karo da sunan a rubuce?"

Bronwen ta yi tunani sosai. "Sunan zan iya. Ina rubuta shi kullum a raina. Idanun ne ba na iyawa ba shiri."

Suka kira Gavin, Noelene ta ajiye wayar a tsakiyar tebur. Ya gaishe su da ladabi, ya saurara. Da aka zo maganar buɗe bidiyon da rubutu maimakon fuska, bai ɓoye musu ba.

"Zan faɗa muku gaskiya, za mu rasa masu kallo da yawa a daƙiƙun farko. Wataƙila fiye da rabi. Ba ina ja da ku ba ne, ina so ku sani kawai."

"Idan aka buɗe da ƙofar fa?" in ji Lachie. Duk suka juya. Ya ɗan ji kunya, amma ya ƙarasa. "Ta shingen. A sake ta ta rufe kanta. Duk mai gona zai tsaya ya ga yadda aka sa sakatar, ko don ya ce ba haka ake yi ba."

Gavin ya yi dariya kaɗan. "Wannan kam ka san mutanenka. A ɗora rubutun a kan ƙofar ke nan: wannan labarin Fergus ne, hotonsa yana gaba. Ya fi baƙin allo." Sai ya ƙara abin da Noelene ba ta tuna ba. Duk wanda ya tura mahaɗin cikakken labarin, shafukan suna jawo hoton da ke kansa su nuna da kansu, don haka dole a canza wannan hoton shi ma, da wanda ke zama murfin bidiyon. Game da saƙonnin da za a biya a tura kuma, zai iya cire Korrabin da kewayenta daga inda za a tura. Juyawar har Fabrairu za a kashe ta a kan bidiyon, gajerun kawai za su riƙa dawowa.

"Amma Bronwen," ya ce, "abu ɗaya ba na iya yi miki alkawari. Idan wani ya ɗauki hoton daga wasiƙar ya saka a shafinsa da kyakkyawar niyya, ba ni da igiyar da zan jawo shi."

"Surukata za ta yi," in ji Bronwen. "Da furanni kewaye."

"Zan yi mata magana," in ji Lachie.

"Kai? Ka taɓa gama jimla a gabanta?"

Ya ɗauki pastizzi na uku.

Sauran hantsin suka yi shi a kan rubutun bidiyon. Kalma ɗari biyu ba sa ƙaruwa don an so su ƙaru, duk abin da ya shiga sai wani ya fita. Bronwen ta so shanun da takalmin duka. Noelene ta karanta a fili tana kallon agogo, suka wuce lokaci. Ta ce a zaɓi ɗaya, ɗayan ya tafi wasiƙa. Bronwen ta zaɓi shanun, ta canza, ta sake komawa shanun. Don su samu wuri aka cire jimlar da ke faɗin yawan yaran da ke nutsewa a gonaki, aka mayar da ita cikin gajerun. Maganar shinge da sakata da ido a kan yaro ba a taɓa su ba. Bronwen ce ma ta hana, da Noelene ta so rage ɗaya.

"Bar wannan. Don shi aka yi abin."

Da Noelene ta tashi tafiya, Bronwen ta raka ta har mota. Rana ta take, ƙudaje sun dame su. Bronwen ta tsaya da hannu a kan murfin ƙofar motar.

"Ranar Litinin ta sama, ƙarfe nawa za a aika?"

"Na'urar tana aikawa da tara na safe. Lokacin aka fi buɗewa."

"Na'ura."

Noelene ta dube ta. "Ba dole sai ita ba. Ina iya aikawa da hannuna."

Da Litinin ɗin ta zo, Noelene ta shiga ɗakinta na bayan ɗakin karatu da wuri, ta kunna fanka. Komai yana shirye. Mai haɗa bidiyo ya je gonar ya ɗauki ƙofar tana rufuwa, an canza hotunan murfi, ta aika wa kanta gwajin wasiƙar ta danna kowane mahaɗi. Kan wasiƙar ya ce: Labarin Fergus Heffernan, da hotonsa a ciki. Tara ta yi, ta kira gonar. Bronwen ta ɗauka, ana jin kukan maruƙa a bayanta.

"Komai ya kammala, 'yar nan. Sai abin da kika ce."

"Ban gama ba su madara ba. Ki ba ni lokaci kaɗan."

"Ɗauki duk yadda kike so."

Ta ajiye wayar kusa da linzamin kwamfuta. Gavin ya turo saƙo yana tambaya ko an samu matsala, ta amsa masa cewa ana jiran maruƙa. Ya turo da cewa to. Ta dafa shayi ta bar shi ya huce. Ta ji an buɗe ɗakin karatu, ta ji masu kawo yara sauraron tatsuniya sun shigo da kekunan tura jarirai, ta ji sun fita. Ta san lokacin da aka fi buɗe wasiƙa ya wuce, kuma wasu da za su karanta da safe yanzu suna kan tarakta. Ba ta taɓa komai ba.

Rana ta kusa tsakiya wayar ta yi ƙara.

"Anti, na wanke hannu. Ina zaune a kicin. Lachie yana nan."

"To."

Ta ji an ja kujera, ta ji Lachie ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

"Aika," in ji Bronwen.

Noelene ta danna, ta kuma ci gaba da riƙe wayar a kunne, domin Bronwen ba ta kashe ba.